Wasiƙar bayanin tsayawar aiki bayan ƙaurar bayanai

Wasiƙar bayanin tsayawar aiki saƙon imel ne da ma'aikacin kwamfuta ke aika wa manajansa idan an yi yunƙurin kwashe bayanai daga tsohon rumbu zuwa sabo, ko sauya fasalin rumbun, abin ya lalace har aiki ya tsaya. A Maraɗi akan rubuta ta da Faransanci, ko da yake bayanin baki da Hausa ake yin sa.

Asali

Salon ya samo tushe daga binciken haɗurran jiragen sama da na asibitoci, inda ake neman dalili maimakon mai laifi. Ya bazu tsakanin masu manhaja tun wajajen 2012. Cikin waɗanda aka fi ambato akwai ƙaurar bayanan bankin TSB na Birtaniya a Afrilun 2018, wadda ta hana ɗimbin jama'a taɓa asusunsu. A Disamban 2022 aka ci tarar bankin fam miliyan 48.65.

Abin da ke ciki

Bayan gaisuwa, ɓarnar ake fara faɗa, domin manaja ita zai amsa a gaban abokan ciniki. Misali, a kantin sari: "Ranka ya daɗe, jiya daga 8:10 zuwa 11:40 na safe ba a iya fidda rasit ba. Bayanan ciniki ba su ɓata ba." Sai a jera lokuta. Nan ake yawan kuskure, don na'urori kan rubuta lokaci da agogon duniya na UTC, Nijar kuwa tana gaba da awa ɗaya.

Daga nan sai dalili. A wannan misali ƙaurar mataki uku ce a manhajar rumbun bayanai ta MySQL. Na farko ya wuce, na biyu ya tsaya a kan wannan umarni:

```
ALTER TABLE clients ADD UNIQUE (telephone);
```

Umarnin yana hana lambar waya ɗaya ta fito sau biyu, alhali a tsohon rajista akwai ƴan kasuwa da yaransu masu lamba guda. MySQL ba ya janye sauyin fasalin da ya riga ya zartar, saboda haka rumbun ya tsaya rabi tsoho rabi sabo, sabuwar manhaja kuma tana neman abin da mataki na uku bai kai ga ginawa ba. Alamar wannan tsayawar ita ce saƙon `Duplicate entry`. An yi gwaji, amma a kan rajistar wasa mai tsabta. Wannan jimlar ce ta fi cancantar shiga wasiƙar.

Rigakafi

Alkawarin "za mu ƙara kula" ba ya hana komai. Abin da ke aiki shi ne a gwada ƙaura a kan kwafin bayanan gaske, a ɗauki ajiyar bayanan da umarnin `mysqldump`, a kuma mayar da ita a wata na'ura don a san minti nawa take ci. A yi aikin bayan an tashi kasuwa, da batir a cike saboda ɗaukewar wuta. Kowane mataki a sa masa mai shi da ranar gamawa.

Saɓani

Wasu manajoji na son a ambaci sunan wanda ya danna umarnin. Akasarin masu sana'ar kuwa muƙamin mutumin kawai suke rubutawa.