Tasa ƙeyar ɗan gudun hijira: abin da doka ta haramta, da wanda haramcin ya shafa

Duk lokacin da jami'an Legas suka yi samame kan 'yan acaɓa ko suka rushe rumfuna a wata kasuwa, sai ka ji kalmomi biyu sun cika rediyo da majalisun Agege da Idi-Araba, wato "ɗan gudun hijira" da "tasa ƙeya". Wani ya ce dokar duniya ta hana a taɓa kowane baƙo, wani kuma ya ce wanda ba shi da takarda ba shi da bakin magana. Dukansu biyu sun kuskure, amma kuskuren na biyu ya fi damuna, domin shi ne wanda jami'ai da 'yan siyasa ke maimaitawa, kuma shi ke kai mutane kurkuku ko kabari.

Matashin da ya baro Gwoza saboda Boko Haram ya zo kasuwar Mil 12 a Legas yana dako, a bakinmu ɗan gudun hijira ne, amma a doka ɗan ƙasa ne da bai tsallaka iyaka ba. Kariyarsa tana cikin sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba shi 'yancin zama ko'ina a Najeriya, da kuma Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin gida. Wanda dokar duniya ke nufi shi ne wanda Yarjejeniyar Geneva ta 1951 ta fayyace: mutumin da ke wajen ƙasarsa, yana da ƙwaƙƙwaran dalilin tsoron za a tsangwame shi saboda launin fata ko ƙabila, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukunin jama'a. Yarjejeniyar Afirka da aka ƙulla a Addis Ababa a 1969 ta ƙara da wanda ya tsere wa mamaya ko tarzomar da ta rusa zaman lafiyar ƙasarsa.

Sashe na 33 na Yarjejeniyar 1951 ya ce kada wata ƙasa ta kori irin wannan mutum ko ta mayar da shi, ta kowace hanya, zuwa inda ransa ko 'yancinsa zai shiga haɗari. Haramcin bai tilasta wa ƙasa ta ba shi zaman dindindin ba, abin da ya hana shi ne a miƙa shi ga abin da ya gudo wa. Kuma katin da hukuma ke bayarwa ba shi ke mayar da mutum ɗan gudun hijira ba, shaida ce kawai ta halin da ya riga ya shiga tun ranar da ya tsallaka iyaka. Saboda haka wanda ya nemi mafaka jiya, ba a ko buɗe fayil ɗinsa ba, haramcin ya shafe shi har sai an saurare shi an yanke hukunci. In ba haka ba, da kowace gwamnati sai ta ƙi karɓar takardar mutum da safe, ta loda shi a mota da yamma, ta ce ai ba ta san shi ba.

Mun ga irin wannan a gida. Ranar 5 ga Janairu, 2018, jami'an tsaro suka kama Sisiku Julius Ayuk Tabe, jagoran masu neman ɓalle yankin masu magana da Turanci daga Kamaru, tare da abokansa a wani otal a Abuja. Ranar 26 ga watan aka miƙa mutum 47 ga hukumomin Kamaru, ba tare da an gabatar da su gaban kotu ba. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito fili ta ce yawancinsu sun riga sun shigar da buƙatar mafaka, kuma mayar da su keta wannan ƙa'ida ne. Gwamnatin Kamaru kuwa ta kira su 'yan ta'adda, kuma a nan ne mutane da yawa suka ɗauka magana ta ƙare.

Gaskiya ne sashe na 33 yana da togaciya: ana iya cire kariyar daga wanda akwai dalili mai ƙarfi cewa barazana ne ga tsaron ƙasar da ta karɓe shi, ko wanda kotu ta yanke wa hukuncin ƙarshe kan wani mummunan laifi, har ya zama haɗari ga jama'a. To amma ƙasar da ake magana a kai ita ce Najeriya da suke zaune, ba Kamaru da ke nemansu ba, kuma mutum ɗaya-ɗaya ake auna wa, ba a yi wa 47 kuɗin goro. Zargin gwamnatin da mutum ya gudo wa ba hujja ba ce, domin kusan babu gwamnatin da ke kiran abokin hamayyarta da suna mai daɗi. Ko da togaciyar ta hau kansa, akwai shinge na biyu, wato sashe na 3 na Yarjejeniyar 1984 mai haramta azabtarwa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2001. Wannan sashe ya hana a mayar da kowa, ɗan gudun hijira ne ko mai laifi, inda akwai dalilai masu ƙarfi cewa za a azabtar da shi, kuma ba shi da togaciya ko ɗaya. A ganina wannan shi ne daidai, ko da yake na san yana yi wa jami'in tsaro ɗaci: idan mutumin ya yi laifi, a gurfanar da shi a nan ko a nemi wata ƙasa ta uku da ba za ta iza shi gida ba.

A watan Maris na 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa kamun da korar sun saɓa wa doka, ta ba da umarnin a dawo da su a biya su diyya. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin mutanen suna hannun wata ƙasa, kuma a watan Agusta na shekarar kotun soja a Yawunde ta yanke wa Ayuk Tabe da wasu mutum tara ɗaurin rai da rai. Raunin ƙa'idar ke nan: Yarjejeniyar 1951 ba ta da 'yan sandanta, kuma hukuncin da ya zo bayan jirgi ya tashi ba ya dawo da kowa.

Kada kuma a ɗauka mu ne kullum masu yi. Kamaru ta sha tasa ƙeyar 'yan Najeriya da suka tsere wa Boko Haram, har bayan yarjejeniyar da ta sa wa hannu da Najeriya da Majalisar Ɗinkin Duniya a Maris na 2017 cewa komawa gida sai da son ran mutum. A Janairun 2019 an koro dubban mutanen Rann da suka tsallaka bayan harin da aka kai garinsu. Yarjejeniyar 1969 ta ambaci wannan da sunansa, ta hana ko da tare mai neman mafaka a bakin iyaka.

Ga wanda ke Legas, abin da ke raba kora ta halal da ta haram shi ne ko an tambayi mutumin dalilin fitowarsa, kuma an bar shi ya kai buƙatarsa ga Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989. Baƙon da ya zo fatauci, izininsa ya ƙare, ba ya kuma tsoron komai a gida, hukumar shige da fice tana da hurumin mayar da shi. Wanda kuwa ya ce za a kashe shi in ya koma, rashin fasfo ba ya soke maganarsa, domin sashe na 31 na Yarjejeniyar 1951 ya hana a hukunta shi kan shigowa ta ɓarauniyar hanya, muddin ya gabatar da kansa ga hukuma ba tare da jinkiri ba, ya kuma bayyana dalilinsa.