Watsa wasan gem kai-tsaye da waya kaɗai

Watsa wasan gem kai-tsaye, wanda samari a Katsina da Daura ke cewa "yin laif", shi ne mutum ya buga wasa a wayarsa, jama'a na kallonsa ta intanet a daidai lokacin, ba tare da kwamfuta ba. Wayar ce ke gudanar da wasan, ta ɗauki hoton fuskarta, ta matse shi ya zama bidiyo, ta tura shi YouTube ko TikTok ko Twitch. Wasannin da aka fi yi da su sun haɗa da Free Fire, PUBG Mobile, Call of Duty Mobile da eFootball.

Shiri

Kowane dandali da sharaɗinsa. YouTube na neman mabiya 50 kafin a yi laif daga manhajarsa ta waya, kuma karon farko akan jira har awa 24. TikTok bisa al'ada na neman mabiya 1,000 da shekara 18. Ana kuma amfani da manhajoji irin su Streamlabs da PRISM Live Studio, inda mutum zai zaɓi dandali, ya ba da izinin ɗaukar fuskar waya, sannan ya buɗe wasan. Sai daga Android 10, wadda ta fito a 2019, aka samu damar ɗaukar sautin wasa daga cikin waya. A tsofaffi makirufo ke kwaso shi, har da ƙarar janareto.

Duk abin da ya bayyana a fuskar wayar, masu kallo na gani, ciki har da alat na banki da lambar sirri. Saboda haka ake kunna Do Not Disturb tun kafin a fara, kuma wannan bai kamata a yi wasa da shi ba.

Ƙarfin sabis

Nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe. Mai kallon bidiyo saukewa yake yi, mai laif kuwa turawa yake yi, kuma a layin waya hanyar turawa ta fi ƙunci. Ganin 4G da sanduna cike ba ya nuna komai a kan haka. Abin dubawa shi ne lambar Upload, wato gudun turawa, a manhajar auna sabis ta Speedtest, a ɗakin da za a zauna, a kuma lokacin da za a yi, domin sabis ɗin hantsi daban yake da na bayan isha'i, sa'ad da unguwa duka ta hau waya.

A cikin manhajar akwai Bitrate, wato yawan datar da bidiyon ke ci a daƙiƙa guda. Ƙa'idar da ta dace ita ce kada ya wuce kashi biyu cikin uku na mafi ƙarancin abin da aka auna, don a bar wa wasan hanya. Wasan ba ya cin data sosai, amma ba ya jure jinkiri.

A ɗauki mai waya a Ƙofar Ƙaura da ya auna sau uku da dare ya samu 5, 4 da 2 Mbps. Da 2 zai yi lissafi, wato 2,000 kbps. Idan ya sa 720p a kan 2,500 kbps, sauti ya ƙara 128, to ya fi ƙarfin layin duk lokacin da sabis ya sauka: bidiyo zai riƙa tsayawa, ping ɗin wasan, wato ma'aunin jinkirin layi, ya haura, a harbe shi kafin ya ga abokin gaba. Idan ya sauko 480p a kan 1,200 kbps, ya shiga cikin iyaka. Hoton zai ɗan dushe, amma a ƙaramar waya da wuya a damu, kuma masu kallo sun fi haƙuri da dusashshen hoto a kan mai yankewa.

Ga aljihu ma akwai bambanci. Ana raba jimillar kbps na bidiyo da sauti da 8, a ninka da daƙiƙa 3,600. Na farko zai ci wajen 1.2GB a awa guda, na biyu kimanin 600MB.

Zafi ko sabis

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan kai digiri 40, waya kuma idan ta ɗau zafi takan rage wa kanta gudu. Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan sabis, su canza layi a banza. Ganewa ba wuya. Idan wasan na tafiya lafiya a hannunka amma masu kallo na cewa ya maƙale, ko ping na hawa da sauka, matsalar sabis ce, sai a rage Bitrate. Idan kuwa an fara lafiya, bayan wani lokaci wasan kansa ya soma sarƙewa, ping bai motsa ba, bayan wayar ya yi zafi, haske ya ragu da kansa, to zafi ne. Maganinsa a cire rigar waya, a rage kyawun hoton wasan, a zauna gaban fanka, a kuma cika batir tun da wuri, domin caji a tsakiyar laif ƙara wa wayar zafi yake yi.