An kawo wuta, firiza ta yi ƙas ta yi shiru: amsar tambayoyin da kullum ake kawo mini shago

"Malam, wuta ce fa kawai aka ɗauke aka dawo da ita nan take. Ya za a ce ita ta kashe mini kwamfireso?"

Wannan "nan take" ɗin ita ce ta kashe shi. Da awa ɗaya aka yi ba wuta, da ya fi masa sauƙi.

Aikin kwamfireso matsa gas ne. Yana zuƙo shi daga cikin firiza, ya matse shi ya tura bututun baya, wanda kake taɓawa ka ji zafi. Saboda haka muddin yana aiki, ɓangare ɗaya a cike yake tam, ɗayan kuma sakayau. Idan wuta ta ɗauke, gas ɗin sai ya bi ta wani siririn bututu kamar tsinken tsintsiya kafin ɓangarorin biyu su daidaita, kuma hakan na cin minti 3 zuwa 5. In wuta ta dawo kafin nan, motar da ke ciki, wato injin lantarkin da ke juya kwamfireson, za ta tarar da kaya a gabanta wanda ba ta da ƙarfin turewa daga tsaye. Ka tuna mai kurar ruwa da ya tsaya a tsakiyar hawa da jarka goma sha biyu: tafiyar da yake yi ɗazu ba ita ce wahala ba, tayar da kurar ne.

Motar da ta kasa juyawa ba ta daina shan wuta, sai ma ta ninka. Da am ake auna yawan wutar da abu ke sha: wadda ke shan am 1 tana gudu, in ta cije sai ta ja am 6 ko 7, kuma duk zafi yake zama a cikin kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin motar. Wayar kwayil fenti ne siriri a jikinta, shi ke raba ta da 'yar uwarta. Yau ya gasu kaɗan, gobe ya ƙara, ranar da ya narke waya ta taɓa waya, shi ke nan.

"To wannan ƙas ɗin da nake ji fa, bayan ya yi gurnani?"

Obalod ne. Wani ɗan abu ne manne a jikin kwamfireso, in zafi ya yi yawa sai ya yanke wuta, in ya huce ya mayar. Gurnani, ƙas, shiru, gurnani, ƙas. In kin ji haka, Hajiya, tashi ki zare soket. Kada ki zauna kina cewa zai kama. Ki ba shi minti goma, sannan ki mayar. Obalod ceto yake yi, amma ba a yi shi don ya wuni yana yi ba.

"Na kashe na kunna, na kashe na kunna, ya ƙi tashi."

Kai ne kake ƙarasa shi da hannunka. Bari.

Rile shi ne abin da ke taimaka wa motar ta tashi, kuma yawancin firij na yanzu rilensu wani ɗan faifai ne kamar ƙwayar magani. Yana sanyi yake barin wuta ta wuce zuwa kwayil ɗin tayarwa, da ya yi zafi sai ya tare hanya. In ka kashe ka kunna yana da zafi, kwayil ɗin tayarwa ba ya samun komai. Shi ma sai ya huce, shi ma mintuna yake so.

"Mu ai da janareta muke aiki, ba ruwanmu da wannan."

Ku ne kan gaba. Rabin firizojin masu ruwan leda da zoɓo da ake kawo mini, a hannun mai canja layi suka mutu. Janareta na aiki, firiza na gudu, yaro ya hango ƙwan maƙwabta ya kama, ya ruga ya buga canji cikin daƙiƙa ɗaya don a huta da sayen mai. A wajen kwamfireso wannan da ɗaukewar wuta ta dawo duk abu ɗaya ne. A kashe firiza a bango, a canja, a jira minti biyar, a kunna. Na faɗa na gaji. Haka kuma kada a tayar da janareta firiza na jone, domin kafin injin ya zauna wutarsa hawa da sauka take yi.

"Mene ne firij-gad?"

Ɗan akwati ne da ake sawa tsakanin soket da firij. In wuta ta dawo sai ya riƙe ta 'yan mintuna kafin ya saki, in kuma ta yi ƙasa ko sama da kima ya yanke. Ba ya ƙara wuta, ba ya rage ta. Mai gadi ne kawai. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabon kwamfireso da gas da aiki ba.

"Na saya, amma in an kawo wuta sai ya daɗe bai kunna ba. Ko jabu aka ba ni?"

Aikinsa ke nan. Don jiran nan ka biya kuɗi. Ƙanƙararka ba za ta narke a minti biyar ba, kwantar da hankalinka.

"Ina da sitabilaiza 1000VA a firizar ƙanƙara. Ta isa, ko sai na ƙara gad? In zan ƙara, wanne ke gaba?"

Nan kam sai mun zauna, domin amsar ta danganta da irin wutar layinku, da girman firizar, da ita kanta sitabilaizar.

Fara da sanin ciwon da ke damunka. Wutar da aka yi kayan nan dominta bolt 220 zuwa 240 ce. Sa mai gyara ya auna soket ɗinka da mita, ba da hantsi ba, da daddare bayan isha'i, lokacin da kowa ya kunna fanka da esi, musamman a bazara daga Maris zuwa Mayu. In ka ga tana zama wajen 200 zuwa sama, matsalarka ɗaukewa da dawowa ce kawai, gad ya ishe ka. In kuwa tana faɗuwa 170 ko 150, gad zai yi ta yankewa, firiza ta kwana ba aiki. Ya tsare kwamfireso, amma ba ƙanƙara. Nan ne sitabilaiza ke da amfani, don ita ɗaga wutar take yi. Ƙarancin wuta yana kashe kwamfireso kamar yadda dawowar gaggawa ke yi: ba ƙarfin juyawa, sai gurnani da zafi.

Sai girma, wato lambar VA, wadda ke nuna nauyin wutar da sitabilaiza za ta iya ɗauka. Bari in ba ka misalin wani bawan Allah mai sayar da ƙanƙara a wajen Ƙofar Ƙaura, wanda ya canja kwamfireso sau biyu a bazara ɗaya kafin ya kira ni gidan. Na sa mita, firizarsa tana gudu tana shan kusan am 1, wajen tashi kuma ta haura am 7. Shi da wanda ya sayar masa da sitabilaiza sun yi lissafi da am 1 ɗin, suka ce 1000VA ta yi yawa ma. Amma am 7 sau bolt 230 ya haura 1600VA. A daidai lokacin da kwamfireso ya fi buƙatar ƙarfi, a nan sitabilaizar ke durƙushewa, allurarta ta yi ƙasa, ya cije. Ga shi kuma wutar unguwar da dare 150 ce. Lambar da ke jikin sitabilaiza ta lokacin da wuta ke da lafiya ce. In wutar da ke shiga ta faɗi haka, abin da za ta iya ɗauka yana raguwa sosai, wani lokaci kusan rabi. Don ta fitar da 1600VA daga bolt 150, sai ta ja fiye da am 10 daga bango, shi kuwa da wata siririyar wayar ƙari ya jawo wutar daga ɗaki zuwa zaure. Na taɓa wayar na ji ta da ɗumi. Muka cire ta, aka ja waya mai kauri aka sa soket a bango kusa da firizar, ya sayi 2000VA, firizar ita kaɗai a kai. Bazara biyu ke nan bai dawo da wannan maganar ba.

Ba na ce kowa ya sayi 2000VA ba. Ƙaramin firij na ɗaki 1000VA na iya riƙe shi. Babbar firiza mai murfi biyu a layi mai rauni, 2000VA ɗin ma tana iya gazawa. Duba jikin kwamfireso, wasu an rubuta `LRA` da lamba a gefe, wato wutar da yake ja in ya cije. Ninka lambar da 230, ka sayi abin da ya haura, da rata.

Yanzu maganar jira. Sitabilaiza da yawa suna da maɓalli an rubuta `DELAY`. A wasu, in ka danna jiran kusan minti 3 ne, in ba ka danna ba daƙiƙa kaɗan. Kada ka yarda da rubutu, ka gwada da agogo: kashe a bango, kunna, ka ƙirga. In ta yi minti 3 cur kafin ta saki wuta, za ka iya zama ba gad, da sharaɗin ba wanda zai taɓa maɓallin. Sharaɗin nan ne ba na yarda da shi, domin sau nawa nake zuwa gida in tarar an mayar da shi gajere saboda yara na son talabijin ta kama da wuri. In daƙiƙa biyar ko shida take yi, a wajen kwamfireso kamar babu ne, sa gad.

Wanne ke gaba? In wutarku mai rauni ce, bango, sitabilaiza, gad, firiza. In ka sa gad a gaba zai ga bolt 160 ya yanke, alhali sitabilaizar za ta iya gyara ta. Amma in layinku irin wanda wuta ke zuwa da ƙarfi ne, tana fasa ƙwai tana ƙona caja, to akwai hujjar sa mai yankewa a gaba, don ita ma sitabilaizar tana ƙonewa. Idan wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a layi, soket na iya ganin wuta har kusan bolt 400, kuma ba sitabilaizar gida da za ta saukar da wannan. Yankewa ce kaɗai magani.

"Esi fa?"

Labarin ɗaya ne, kayan ne suka fi nauyi. Yawancin masu rimot suna da jiran minti 3 a cikinsu. Kada ka sa gad ɗin firij a esi, akwai nasa. Kada kuma ka haɗa esi da firiza a sitabilaiza ɗaya.

"Mai gyara ya ce kwamfireso ya ƙone, ko buɗewa bai yi ba."

Kada ka biya tukuna, Alhaji. Ce masa ya zare rile ya girgiza a kunnenka. In ka ji ƙacau-ƙacau kamar tsakuwa a gwangwani, faifan ya farfashe, kuma sau da yawa shi ke nan ciwon, kuɗi kaɗan ne. Sannan ya sa mita a ƙafafu uku na kwamfireso, bibbiyu. Zai samu lamba uku, ƙananan biyun in an haɗa su ba da babbar. Ya kuma auna kowace ƙafa da jikin ƙarfen, kada mita ta nuna akwai hanya. In duk wannan ya fita daidai, a sa sabon rile da obalod, a bar shi ya huce, a gwada shi a wuta mai kyau kafin kowa ya ɗauko abin yanka bututu.