Ma'anar kiredit ga ɗalibin da zai canja kwas bayan shekarar farko

Ɗan ƙanwata ya zo mini gida a Aboabo bayan sallar isha'i, riƙe da takardar sakamakonsa ta shekarar farko a wata jami'a a nan Kumasi. Injiniyanci yake karantawa, amma zuciyarsa ta koma kan ilimin tattalin arziki. Ya ce mini, "Kawu, ai ba asara zan yi ba. Ina da kiredit 36, da su zan tafi, in shiga aji biyu kai tsaye." Yadda ya faɗi maganar ya nuna mini ya ɗauki kiredit kamar kuɗin da mutum ya ajiye a waya, duk inda ya je ya cire abinsa. Yara da yawa a unguwanninmu haka suke ɗaukarsa, iyaye kuwa ba a magana, shi ya sa nake so a fahimci kalmar tun kafin a cika takardar neman canji.

Kiredit ma'auni ne na nauyin darasi. A bisa al'adar jami'o'i, kiredit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako har ƙarshen zangon karatu, ko kuma awa biyu zuwa uku na aikin hannu a ɗakin gwaji. Darasi mai kiredit 3 ke nan ana zamansa kimanin awa uku a mako. Wanda ya taɓa buɗe littafin darussan KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi, zai ga haruffa uku a gefen kowane darasi, T da P da C, wato awannin koyarwa, awannin aikin hannu, da kiredit ɗin da suka haifar. Digirin shekara huɗu yakan buƙaci aƙalla kiredit 120.

Inda ake tuntuɓe shi ne a wannan 120 ɗin. Ba kowane 120 ake nufi ba. Kowane kwas yana da jerin darussansa, kuma sai ka cike guraben wannan jerin ɗaya bayan ɗaya za a ba ka digirinsa. Kiredit manne yake da darasin da ya haife shi, ba ya yawo shi kaɗai. Idan ka canja kwas, ba a tambayar kiredit nawa ka tara. Abin da sabon sashe yake dubawa shi ne a cikin darussan da ka ci, wanne ne yake da gurbi a jerinsu.

Muka baza takardarsa a kan tabarma, na sa ya buɗe jerin darussan aji ɗaya na sabon kwas ɗin a wayarsa, muka riƙa bi layi layi.

Na farko da ya wuce ba gardama shi ne darasin dabarun rubutu da magana da Turanci, kiredit 2 a zangon farko, 2 a na biyu. Darasi ne da kusan kowane ɗalibi yake yi, lambarsa ɗaya a kwasa-kwasan biyu, don haka kiredit 4 sun tsira. Irin waɗannan darussa na kowa da kowa su ne suka fi saurin bin mutum. A Legon, wato Jami'ar Ghana da ke Accra, alal misali, akwai waɗanda ake sa wa lambar UGRC, kamar UGRC 110 na rubutun ilimi da UGRC 150 na nazari da tunani, waɗanda jami'a ce ta wajabta su ba sashe ba. Darasin koyon kwamfuta mai kiredit 2 shi ma ya samu gurbi. Shida ke nan.

Lissafi ne ya tsayar da mu. Ya yi darasi biyu na lissafin injiniyoyi, kowanne kiredit 4, takwas ke nan. Sabon kwas ɗin shi ma yana da lissafi biyu, amma kowanne kiredit 3, kuma lambarsu daban. A nan babu abin da yake faruwa da kansa. Sai shugaban sabon sashe, ko jami'in jarrabawarsu, ya ɗora manhajar tsohon darasi kusa da ta sabon ya ga ko abin da aka koyar ya rufe abin da suke buƙata. Idan ya gamsu sai a yafe maka darasin. Amma ka lura, gurbin da aka cike na kiredit 6 ne, ba 8 ba. Biyun da suka yi saura ba a zuba su a wani wuri. Wannan ne ya sa nake gaya wa duk yaron da ya shiga jami'a ya adana takardar manhajar da malami yake rabawa a makon farko. Sunan darasi kaɗai ba ya isa hujja. Darasi biyu suna iya yin suna ɗaya abin da ke ciki ya sha bamban, kuma ranar da aka ce ka kawo shaida, wannan takardar da ake yawan naɗe ƙosai da ita ce za ta tsaya maka.

Sauran kuwa, zanen injiniya, kanikanci, wutar lantarki, aikin bita da makamantansu, kiredit 22 cif, babu gurbinsu ko ɗaya a tattalin arziki. Ba a goge su daga tarihin karatunsa, amma ba za su matsar da shi taku ɗaya zuwa ga sabon digiri ba. Wani lokaci idan kwas yana da gurbin darasin zaɓi daga wajen sashe, ana iya cusa ɗaya a ciki, sai dai guraben nan kaɗan ne.

Sai muka yi jimla. A cikin kiredit 36 na aji ɗaya na sabon kwas, ya cike 12 idan an yarda da lissafinsa. Saura 24. Ya ce, "To Kawu, sai in shiga aji biyu ina biyan bashin a hankali." Na ce mu gwada. A kwas ɗin da yake so ana ɗaukar kiredit 18 a zango, kuma ba a barin ɗalibi ya wuce 21. Rarar 3 ke nan a kowane zango. Bashin 24 zai ci zango takwas, shi kuwa idan ya shiga aji biyu zango shida ne suka rage masa. Lissafin bai fita ba tun kafin a zo maganar cin karo a jadawalin lacca, inda darasin aji ɗaya da na aji biyu sukan faɗo awa ɗaya. Kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi: darussan aji biyu na tattalin arziki an gina su ne a kan gabatarwar da ake yi a aji ɗaya, ba a barin ka rijistar na sama sai ka ci na ƙasa. Yaron ya yi shiru ya daɗe yana kallon takardar. Ya gane da kansa cewa aji ɗaya zai koma, sai dai da sauƙin kaya a kansa tunda an rage masa 12.

Ga hanyar da mutum zai auna kansa tun a gida. Idan tsohon kwas da sabon 'yan ɗaki ɗaya ne, kamar reshe biyu na injiniyanci da suke tarayya a yawancin darussan shekarar farko, bashin yakan zama darasi biyu ko uku, shiga aji biyu mai yiwuwa ne. Idan aka tsallaka daga wata kwaleji zuwa wata, a sa rai da ƙarin shekara, a kuma yi lissafinta da kuɗi: kuɗin makaranta, hayar ɗaki a Ayeduase ko Kotei, ko kuɗin tiro-tiro kullum daga Asawase. Wanda yake da tallafin karatu ya sanar da masu ba shi kafin ya motsa, domin wani tallafin a kan kwas da adadin shekaru aka ɗaure shi.

Akwai kuma maganar maki, wadda mutane suke mantawa saboda murnar an yafe musu darasi. Yafewa iri biyu ce. Akwai wadda za a ce ba sai ka sake zama ba, amma makin ba ya shiga lissafinka. Akwai wadda darasin yake biyo ka da makinsa. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin matsakaicin maki ana auna shi ne da nauyin kiredit. A KNUST ana kiransa CWA: a ninka makin kowane darasi da kiredit ɗinsa, a tara, a raba da jimlar kiredit. Makarantar yaron nan ma da irin wannan awo take aiki. Ya samu 72 a Turanci mai kiredit 4, ya samu 48 a lissafi mai kiredit 8. Da ido sai ka ce matsakaicinsu 60. Amma 72 sau 4 ya ba da 288, 48 sau 8 ya ba da 384, jimla 672, a raba da 12 sai ka samu 56. A ma'aunin KNUST 70 zuwa sama shi ne mataki na ɗaya, 60 zuwa ƙasa da 70 mataki na biyu na sama, 50 zuwa ƙasa da 60 mataki na biyu na ƙasa. Wato idan lissafin nan ya biyo shi da makinsa, zai fara sabuwar rayuwa yana ɗauke da abin da ya kore shi daga tsohuwa. Ra'ayina, kuma na gaya masa, idan an ba shi zaɓi gara ya sake zaman lissafin. Wanda ya ci da 48 bai riƙe shi da kyau ba, tattalin arziki kuma daga aji biyu lissafi ne tsagwaronsa. Darasin da aka faɗi kuwa, wanda ɗalibai suke kira tirel, ba ya haifar da kiredit ko ɗaya, kuma yana raunana takardar neman canjin.

Kiredit ba ya buɗe ƙofar sabon kwas. Sai ka cika sharuɗɗan shiga kamar sabon ɗalibi: darussan WASSCE da kwas ɗin yake nema da jimlar sakamakon da ake yanke shiga da ita, sannan ya kasance akwai gurbi. Wanda bai yi lissafin zaɓi a sakandare ba, makinsa na jami'a ba zai maye masa gurbinsa a injiniyanci ba. Saboda haka ne wasu suke sayen sabon fom su shigo a matsayin sababbin ɗalibai. Mai bin wannan hanya ya sani cewa tsohon kiredit ba ya biyo shi sai ya rubuta ya nema. A Legon kuma kada a rikita abu biyu: ɗalibin da aka ba fanni uku a aji ɗaya ya ajiye ɗaya a aji biyu bai canja kwas ba, tsarin karatun ne haka, kiredit ɗinsa suna nan a lissafe.

Kuskuren da ya fi ba ni tausayi shi ne na yaron da wani malami ya ce masa da baki "ba matsala, ka zo," sai ya fara zama a sabon aji alhali a rijista yana nan a tsohon. Ƙarshen zango ya zo, sunansa ba ya cikin masu jarrabawar sabon sashe, a tsohon kuma an rubuta bai zauna ba. Alamar canji ya tabbata biyu ce: wasiƙar amincewa daga ofishin harkokin karatu, da sunan sabon kwas ya bayyana a shafinka na rijista. Kafin nan, ka ci gaba da zuwa tsohon ajinka.

Kafin ya tafi na sa ya rubuta abu uku a bayan takardar sakamakon, waɗanda zai nemi a ba shi amsarsu a rubuce: ajin da za a sa shi, lambobin darussan da aka yafe masa, da ko makinsu zai shiga lissafinsa. Washegari da safe ya kira ni yana tambaya ko hoton manhajar lissafi da ya samu a wayar abokinsa zai wadatar. Na ce ya buga shi a takarda, ya kai sashen lissafi su buga masa hatimi tukuna.