Me ake nufi da taƙaita saƙon murya, kuma yaya ake yinsa

Idan Oga ko abokin aikinka ya turo maka saƙon murya na minti 4 ko 5 ya ce "don Allah taƙaita min wannan", ba wai yana so ka rage tsawon maganar ba ne kawai, a ce layi 40 ya koma layi 15. Abin da yake nufi shi ne ka saurara a madadinsa, ka ciro abin da ya shafe shi, ka rubuta masa yadda zai karanta a tsaye cikin hayaniyar kasuwa ko yana maƙale a gosulo a Ojota, ya gane me ake so ya yi, nawa ne, zuwa yaushe, ba sai ya sa waya a kunne ba. Wannan shi ne taƙaitawa a wurin aiki. Mutane da yawa suna ɗauka yanke-yanke ne, su cire gaisuwa su cire "ka gane ko" su bar sauran a jere yadda mai maganar ya faɗa, to wannan dai tsohon saƙon ne aka yi wa aski, mai karatu har yanzu sai ya yi tono kafin ya samu abin da yake nema.

Dalili kuwa shi ne mai magana da baki yana bin labari ne daga farko, ya taso, ya tsaya, abu kaza ya faru, sai can ƙarshe ya faɗi buƙatarsa. Shi kuma wanda aiki ya sha masa kai buƙatar yake so ya fara gani. Saboda haka yawanci sai ka juya saƙon, ƙarshensa ya dawo farko.

Kafin nan akwai maganar kwafe maganar a rubuce. WhatsApp sun fito da tsarin mayar da saƙon murya rubutu a watan Nuwamba 2024, ana kunna shi a `Settings > Chats > Voice message transcripts`, amma lokacin da ya fito babu Hausa a jerin harsunansa, kuma mu nan Legas maganarmu gauraye take, Hausa da Turancin buroka har da ɗan Yarabanci a jimla ɗaya. Shi ya sa galibi mutum ne ke zama ya saurara ya rubuta da hannu. Ko ma wa ya kwafa, kar ka yarda da rubutun ɗari bisa ɗari a wurin lamba da suna da rana, koma ka ji da kunnenka, kuma a wannan wurin kar ka sa gudun `2x`, mayar da shi `1x`.

Bari mu ɗauki misali irin na mutanenmu na kasuwar Mile 12. A ce mota ta taso daga Kano da kwandunan tumatir, direba ya turo saƙo ranar Talata da misalin 11 na safe, kai ne yaron ofis ko magatakardan shago, shi kuma wanda ke riƙe da kuɗi yana can tsakiyar masu saye ba shi da sukunin sauraro. Ga yadda rubutun zai iya kasancewa, na ma rage shi:

"Salamu alaikum, an tashi lafiya, ya kasuwa, ya mutanen gida. To wallahi tun daga Mokwa nake jin motar nan ba daidai ba, na ma faɗa wa yaron nan amma ka san halinsa, ga ruwa da aka yi mana a Jebba, mun dai lallaɓa har muka wuce Ibadan, to yanzu dai muna Ogere, ta ƙi shiga giya. Bakanike ya duba ya ce kuloci ne, ya ce dubu 150, a'a tsaya, wannan kuɗin kaya ne, da kuɗin hannu ya ce ɗari biyu ba ashirin. Shi ya ce in an samu kafin la'asar zai iya haɗawa yau, don masu sayar da kayan suna rufewa. Akwai kuma wani ɗan uwanmu da ya sauke kaya zai koma babu komai, ya ce in ana so a juye masa, amma ban tambaye shi kuɗi ba. Kayan dai na sama sun fara laushi. In sha Allahu gobe da asuba muna kasuwa. Zan turo lambar akawun ɗinsa. A gaida Alhaji."

Abu na farko da za ka tambayi kanka, me ake so mai karatu ya yi? A nan abu biyu ne a gabansa, ko ya tura kuɗin gyara ko ya ce a juye kaya a wata mota, kuma lokacin yanke shawara yana ƙarewa da la'asar. Mokwa da Jebba da ruwan sama da halin yaron mota duk gaskiya ne, amma babu ɗaya a cikinsu da zai canja abin da mai kuɗin zai yi yau, don haka su fita. Laushin tumatir kuwa dole ya zauna duk da a gefe direban ya jefa shi kamar ba komai ba, saboda shi ne dalilin gaggawar, shi ne kuma zai iya sa a zaɓi juyewa a kan jira. Ni a ganina nan ne gwanintar take, ka gane wace ƙaramar magana ce ke ɗauke da nauyi, ba ka bi wadda aka fi daɗewa ana yi ba.

Sai lamba, kuma a nan ne ake tafka asara. Mai magana yakan gyara kansa a tsakiyar zance, "a'a tsaya", "au na manta", "ba haka ba ne", kuma lambar da ya faɗa daga baya ita ce a tsaye. Wanda ya yi karatun sama-sama zai kama 150 ɗin farko ya tura, a aika kuɗi bai kai ba, bakanike ya ajiye sifana, kafin a cika masa shaguna sun rufe. Sannan ga lissafinmu na baka, "ɗari biyu ba ashirin" wato 180 kenan, an cire 20 daga 200, amma idan mai kwafa ya ƙara "ba" guda ɗaya a ƙarshe ya zama "ɗari biyu, ba ashirin ba" to ma'ana ta koma 200. Shi ya sa a taƙaitaccen saƙo kullum ka rubuta kuɗi da alƙaluma cikakku, ₦180,000, kuma ka nuna yadda ya kasu, kaya ₦150,000, kuɗin hannu ₦30,000. Lura cewa direban bai faɗi 30,000 da bakinsa ba, kai ka fitar da lissafi, kuma amfanin fitarwar shi ne idan ya ƙi daidaita ka san akwai inda ka ji ba daidai ba, sai ka kira.

Haka ma rana. "Yau" da "gobe" na mai magana ne, sun danganta da lokacin da ya danna ya yi rikodin, idan abokin aikinka bai buɗe saƙon ba sai dare ko washegari to "gobe" ta zama wata rana daban. Rubuta Talata, rubuta Laraba. La'asar ma ka sa mata ƙarfe, wajen 4 na yamma. Sannan "shi ya ce" ɗin nan, wa ya ce? A cikin murya ana ganewa, a rubuce kuma akwai maza uku a labarin, bakanike da yaron mota da mai motar da babu kaya, don haka kowane "shi" ka mayar masa da mai shi.

Abu na ƙarshe da nake so a riƙe, kar ka cike gurbin da mai magana ya bari. Bai tambayi kuɗin juyewa ba, to ka rubuta bai tambaya ba, kar ka yi kintace don saƙon ya yi kyau. Kuma "in sha Allahu gobe da asuba" a nan yana rataye ne da sharaɗi, sai an tura kuɗi kuma gyaran ya yi, idan ka rubuta "mota za ta iso gobe da asuba" kawai ka mayar da fata alƙawari, mutumin zai je ya faɗa wa masu saye su zo da sassafe su tarar da wayam.

Ga saƙon da zai tafi:

"Yaya, ana buƙatar shawararka kafin ƙarfe 4 na yamma yau Talata. Motar tumatir ta lalace a Ogere, kuloci ne. Gyara ₦180,000 (kaya ₦150,000, kuɗin hannu ₦30,000). Bakanike ya ce in kuɗi ya shiga kafin 4 zai iya gamawa yau, direba na sa ran isowa Mile 12 Laraba da asuba. Ko kuma a juye kayan a wata mota da ke wurin babu kaya, amma direba bai tambayi kuɗinta ba tukuna. Kwandunan sama sun fara laushi. Lambar akawun bakanike ba ta zo ba, ina binta. A tura kuɗin ne ko in sa ya tambayi kuɗin juyewa?"

Ka ga ya fara da lokaci da abin da ake so, ya ƙare da tambayar da za a iya amsawa da kalma biyu ko uku ko da mutum yana ƙirga kwanduna. Gaisuwar ba a yar da ita gaba ɗaya ba, "Yaya" ko "Malam" ko "Ranka ya daɗe" in Alhaji ne da kansa, wannan ya wadatar tsakanin mutanen da suka riga suka gaisa da safe. Kuma a tura shi dunƙule guda ɗaya, ba gutsi-gutsi bakwai ba, don in ya zo a rarrabe mutum yakan karanta na ƙarshe ne ya amsa shi kaɗai.

Yadda za ka gane ko taƙaitawarka ta yi, duba amsar da ta dawo. In ya ce "tura" ko "a tambayi na juyewa", ta yi. In kuwa ya dawo da "nawa ne?" ko "yaushe?" ko ya kira ka yana cewa me direban ya ce ne wai, to akwai abin da ka bari a baya. Kafin ka danna turawa ma kana iya gwadawa, karanta layi biyun farko kawai, irin wanda ke leƙowa a fuskar waya kafin a buɗe, ka ga ko sun isa su sa mutum ya san abin na gaggawa ne.

Akwai saƙon da bai kamata a taƙaita shi a tsaya nan ba. Idan rigima ce ta kuɗi tsakanin mutum biyu, ko wani yana zargin wani, ko direba yana faɗin abin da zai iya zama hujja gobe a gaban shugabannin kasuwa, to muryar kanta shaida ce, yadda ya faɗa da inda ya yi jim duk suna da ma'ana, kuma duk yadda ka kai da adalci taƙaitawarka fahimtarka ce. A irin wannan sai ka rubuta gajeren bayanin, ka haɗa da asalin saƙon muryar, ka ce masa ya saurara daga minti 2:10 zuwa 2:40, nan ne maganar kuɗin take. Ko a misalinmu na Ogere ma kar ka goge muryar direban sai an sauke kaya an gama lissafi da bakanike.