Yaro ya yi fashin Islamiyya kwana huɗu: me za a rubuta wa malam?

Tambaya: Ɗana bai je Islamiyyar yamma ba tun Asabar saboda zazzaɓi, yau Talata. Me zan rubuta wa malaminsu?

Bayan sallama da gaisuwa, fara da sunan yaron kamar yadda yake a rajista, haɗe da sunan mahaifi da ajinsa. Nan ake yawan kuskure. A gida ana kiransa Abba ko Halifa, sai uba ya rubuta "Abba ba shi da lafiya", alhali malam bai san shi da wannan suna ba, kuma aji ɗaya na iya samun Muhammad huɗu. Ko da ɗan fari ne da ake yi wa alkunya, a rubuce dai a sa sunan yanka.

Sai ranakun. A guji cewa "kwana biyu bai zo ba", domin kwana biyun Bahaushe na iya zama kwana goma. A ambaci ranakun da sunansu, tunda da su malam zai gyara rajista ya mai da fashin ya zama uzuri. Dalili kuma jimla ɗaya ta isa, sannan ranar da ake sa ran dawowa. Ga yadda zai kasance, a sa cikakken suna a gurbin "wane":

"Assalamu alaikum Malam, barka da yamma, ya ɗalibai? Ni ne mahaifin wane, ɗan aji uku. Bai samu zuwa ba daga Asabar zuwa yau Talata saboda zazzaɓin cizon sauro. Ya gama shan magani, jiki ya yi sauƙi, gobe Laraba zai dawo in sha Allah. Ya tsaya a aya ta 10 cikin Suratul Mulk. Don Allah a sanar da mu inda aji ya kai, da abin da za mu riƙa biya masa a gida. A yi mana afuwar rashin sanarwa da wuri. Allah ya saka da alheri."

A tura wa malamin ajin kai tsaye, ba zauren iyaye na WhatsApp ba, kuma ba a bakin yaron ba.

Tambaya: Me ya sa sai na faɗi inda ya tsaya? Ai malam ya sani.

Malam ya san inda aji ya kai, amma ba lallai ya riƙe inda kowane yaro ya tsaya ba. A ɗauka ana ƙara musu aya 5 kullum. Yaron da ya tsaya a aya ta 10 ya yi fashin kwana huɗu, aya 20 ke nan suka wuce shi. Suratul Mulk aya 30 ce, wato 'yan ajinsa sun kammala ta suna shirin shiga wata. Idan ba a yi magana ba, zai dawo ya bi sahu a sabuwar surar, giɓin ya zauna a tsakiyar haddarsa, ba za a gane ba sai ranar muraja'a ko jarrabawa, lokacin da zai kai aya ta 11 ya yi shiru.

Kada kuma a nemi ya haɗiye ayoyin 20 a dare ɗaya. Haddar gaggawa ba ta zama, balle ga wanda ya tashi daga ciwo. Abin da ya fi dacewa a roƙa shi ne malam ya riƙa biya masa aya 2 daga abin da ya wuce shi, a kan ƙarin kullum. A makarantar da ake karatu daga Asabar zuwa Laraba, mako biyu sun isa ya cike. Malam ya fara biya masa kafin a maimaita a gida, don kuskuren da yaro ya haddace ya fi sabon karatu wuyar gyara. Hadisi da Fiƙihu sun fi sauƙi: ya ari littafin ɗan ajinsu ya kwafi abin da aka rubuta.

Tambaya: Idan dalilin sirrin gida ne fa?

"Wani uzuri na gida ne ya taso" ta wadatar. Sai dai ciwo mai yaɗuwa, kamar ƙyanda, ƙarambau ko ciwon ido, wajibi ne a faɗe shi da sunansa, saboda yara suna zama kafaɗa da kafaɗa. Mai ƙarambau kada ya koma sai ƙurajen sun bushe gaba ɗaya.

Tambaya: Na gano yana fita da jaka amma ƙwallo yake tafiya. In ce ba shi da lafiya?

A'a. 'Yan ajinsa sun gan shi a fili, labari zai kai ga malam, kuma yaron zai koyi cewa ana yi wa malami ƙarya. Rubuta cewa yana barin gida bayan La'asar amma kun gano ba ya isowa, kun yi masa faɗa, kuna roƙon duk ranar da aka kira suna ba ya nan a yi muku kira ko saƙo kafin Magariba. Ranar dawowarsa kuma ka kai shi da kanka har wurin malam.