Ma'anar wa'adin shiru a teburin fayawol, da dalilin yankewar Remote Desktop

Wa'adin shiru, wanda ake gani a saitunan na'urori da sunan `idle timeout`, shi ne tsawon lokacin da fayawol, wato na'ura ko manhajar da ke tace saƙonnin da ke shiga da fita a hanyar sadarwa, ke ci gaba da riƙe bayanin wata hulɗa tsakanin kwamfutoci biyu bayan saƙo na ƙarshe ya wuce ta cikinta. Idan wa'adin ya cika ba tare da wani saƙo ya bi ba, fayawol takan share hulɗar daga teburinta, kuma sau da yawa ba ta sanar da kowane ɓangare ba. Wannan yana daga cikin manyan abubuwan da ke sa mai aiki da Remote Desktop, manhajar sarrafa wata kwamfuta daga nesa, ya tashi na 'yan mintuna, ya dawo ya tarar allon ya daskare, sannan manhajar ta shiga ƙoƙarin sake haɗawa.

Fayawol ta zamani ba ta bincika kowane fakiti, wato ɗan guntun saƙo, daga tushe. Lokacin da kwamfutar ma'aikaci ta buɗe hulɗa da sabar ta ƙofa mai lamba 3389, wadda ita ce ƙofar RDP, wato ƙa'idar sadarwar da Remote Desktop ke amfani da ita, fayawol tana duba dokokinta sau ɗaya, idan ta amince sai ta rubuta layi guda a teburin da ake kira `state table`. Layin yana ɗauke da adireshin mai kira da lambar ƙofarsa, da adireshin sabar da tata ƙofar, da nau'in hulɗar, wato TCP ko UDP, sai kuma wani agogo mai ƙirgawa zuwa sifili. Duk fakitin da ya dace da layin yana wucewa kai tsaye, kuma wucewarsa tana mayar da agogon farko. Dole ce ta sa aka yi wannan agogo, domin kwamfuta tana iya mutuwa ko waya ta tsinke ba tare da an yi sallama ba, kuma da za a bar irin waɗannan layuka har abada da teburin ya cika ya hana sababbin hulɗa shiga.

Matsalar ita ce fayawol ba ta iya bambance wanda ya tafi da wanda ya yi shiru kawai. Hulɗar RDP tana iya yin tsit, musamman idan an naɗe tagar zuwa ƙasan allo, domin a lokacin manhajar takan gaya wa sabar ta daina aiko hoton allo. Bayan an share layin, kwamfutocin biyu suna nan suna zaton hanya a buɗe take. Da ma'aikaci ya motsa linzami sai fakiti ya isa fayawol, ta duba teburi ba ta same shi ba, ta ga kuma ba fakitin buɗe sabuwar hulɗa ba ne, sai ta jefar da shi. Kwamfutar takan yi ta sake aikawa har ta gaji, kuma wannan jiran shi ne daskarewar da ake gani. Aikin da ke kan sabar ba ya ɓata, shi ya sa idan an sake haɗawa ake tarar da tagogi yadda aka bar su.

Kafin a zargi fayawol, ya kamata a kawar da wani abu mai kama da wannan. Windows tana da tata dokar mai suna `Set time limit for active but idle Remote Desktop Services sessions`, wadda ke cire mai aiki idan ya daɗe bai taɓa komai ba. Ita wannan tana yin gargaɗi minti 2 kafin ta yanke. Yankewar fayawol kuwa ba gargaɗi, ba bayani.

A ɗauki misalin ofishin da fayawol ɗinsa ke aiki da pf, wata manhajar fayawol da ake sarrafawa da umarnin `pfctl`, ma'aikata kuma suna kukan cewa hutun da ya wuce minti 5 yana yanke su. Mai kula da na'urorin zai sa mutum ɗaya ya haɗa, ya naɗe tagar, ya ɗauke hannunsa, shi kuma ya nemo layin hulɗar:

```
pfctl -vvss | grep -A 2 ':3389'
```

A sakamakon akwai abubuwa biyu da ake dubawa. `age` yana nuna daɗewar hulɗar, `expires in` kuma yana nuna abin da ya rage kafin a share ta. Wa'adin asali na pf ga hulɗar TCP da ta kafu daƙiƙa 86400 ne, wato kwana guda, saboda haka idan aka ga `expires in 00:03:48` yana raguwa, ana motsa linzami kuma ya koma minti 5, to wani ya taɓa rage wa'adin zuwa daƙiƙa 300. Umarnin `pfctl -st` zai nuna darajar `tcp.established` ta gaba ɗaya, idan kuma ita lafiya take sai a duba dokar da ta bar hulɗar ta wuce, domin kowace doka tana iya ɗaukar nata wa'adin. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce a jira layin ya ɓace, a motsa linzami, a ga rajistar fayawol ta nuna an toshe fakiti mai adireshi da lambar ƙofa iri ɗaya da na layin da ya ɓace.

Akwai wani yanayi da ke rikita mutane, wato yankewar da ba ta da tsayayyen lokaci, yau minti 5, gobe da rana minti 2 da rabi. A pf ana rage wa'adi kai tsaye idan teburi ya fara cika: ragin yana farawa a kashi 60 cikin 100 na iyakar teburin, yana ƙaruwa har wa'adin ya zama sifili a kashi 120. Idan iyakar layi 100000 ce, kuma akwai layi 90000 a ciki, kowane wa'adi ya ragu da rabi, daƙiƙa 300 ta koma 150. A nan abin dubawa shi ne abin da ke cika teburin, kuma `pfctl -si` yana nuna adadin layukan.

Idan kuma layin yana nan da sauran sa'o'i amma hulɗar ta mutu, to wata na'ura ce a kan hanya ta manta da ita. Tsawon lokacin kansa yana ba da haske: NAT Gateway na AWS yana share hulɗa bayan daƙiƙa 350 na shiru, Azure Load Balancer kuma bayan minti 4 idan ba a canza saitin ba, alhali wa'adin asali na Cisco ASA sa'a guda ne.

Gyara iri biyu ne. Na farko shi ne a tsawaita wa'adin ga dokar RDP kaɗai:

```
pass in proto tcp to 192.0.2.10 port 3389 keep state (tcp.established 7200)
```

Wannan ya fi a ɗaga wa'adin kowace hulɗa, amma iyakarsa fayawol ɗin da ke hannunka. A ganina na biyun ya fi inganci, wato a hana hulɗar yin shiru tun daga sabar. Bai kamata a dogara da saƙon neman lafiya na TCP ba, wato ɗan saƙon da ake aikawa don tabbatar da hulɗa tana raye, domin a Windows sai bayan sa'a 2 yake fita idan ba a canza ba. Abin da ake kunnawa a sabar shi ne dokar Windows mai suna `Configure keep-alive connection interval`, wadda ke ƙarƙashin `Remote Desktop Session Host` a sashen `Connections`, kuma da minti ake ƙirga ta. Idan aka sa minti 1, sabar za ta riƙa taɓa hulɗar kowane minti, agogon kowace na'ura da ke kan hanya ya riƙa komawa farko, har da waɗanda ba ka da iko da su. Bayan an sa dokar a cire haɗin a sake shiga, sannan a maimaita gwajin: idan gyaran ya kama, `expires in` zai ragu da kimanin daƙiƙa 60 ya sake cika da kansa, ko da ba wanda ya taɓa linzami.